Wasiƙar da Ba Farashi a Cikinta

Maigidana tela ne, amma ba telan kaftani da babbar riga ba. Yunifom yake ɗinkawa: na 'yan makaranta, na masu gadi, wani lokaci na yaran gidan mai. Shagonsa yana Ƙofar Marusa, ɗan tsukuku ne, keken ɗinki biyu da teburin yanka da benci guda. Ni kuma a gida nake taya shi. Shi zai haɗa riga, ya kawo mini in sa maɓalli, in tsinke zaren da ya yi saura, in goge in ninke. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina gane wuyan rigar da ya karkace tun daga bakin ƙofa.

Shekarar da ɗiyata ta fara rarrafe aiki ya ɗauke. Makarantun da yake yi wa ɗinki suka koma sayar da yunifom da kansu, ana kawo musu ɗinkakku cikin dila, uba ya biya kuɗin makaranta a miƙo masa riga da wando a leda. Sai ya zama maigidana yakan wuni a shago bai taka keke ba sai don facin wandon wani. In ya dawo ba na tambayarsa. Hannunsa nake kallo. Ranar da aka yi aiki akwai farin alli a gefen yatsunsa, ranar da ba a yi ba hannun tas yake kamar na ango.

A lokacin ne abokinsa da suka koyi ɗinki tare ya fara kiransa daga Aljeriya. Yana ce masa a can tela ba ya zama, ya taho kawai, akwai wurin kwana a shago. Ni kuwa abin da na sani game da hanyar nan shi ne abin da mata ke faɗa a gidan suna: mota ta lalace cikin rairayi, ruwa ya ƙare, wane tun da ya wuce Agadas ba a sake jin muryarsa ba. Duk sanda wayarsa ta yi ƙara na ga ya tashi ya fita waje da ita, sai in kasa kunne ko zan ji abin da suke cewa. Wata rana yana cin tuwo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in kaka ta wuce bai samu aikin kirki ba zai rufe shago ya tafi. Na ce Allah Ya kawo aikin. Ya ce amin. Tuwon nan ban iya ci ba.

Ba a jima ba wani dattijo mai gadi ya kawo masa yunifom ɗinsa a yi masa faci a gwiwa. A wani kamfanin casar shinkafa yake aiki, can bayan gari. Yana zaune a benci yana jira ya ce ai wannan facin na ƙarshe ne, kamfani zai yi wa kowa sababbin kaya kafin sabuwar shinkafa ta shigo, da masu kula da inji, da masu ɗaukar buhu, da su masu gadi. Maigidana ya tambaye shi wa aka ba ɗinkin. Ya ce bai ji an ba kowa ba tukuna, amma an ce mai so ya rubuto wa manaja takarda.

Ranar nan da gudunsa maigidana ya shigo gida. Rabon da in ga ya ɗaga yarinyar sama yana mata wasa har na manta. Ya ce in aikin nan ya faɗo hannunsa, shi da keke sai bayan Sallah, har maƙwabtansa teloli sai ya raba musu. Na yi hamdala, amma a zuciyata abu ɗaya na ji: ba zai tafi ba.

Da safe bayan ya karya ya zauna a tabarma da biro da takardar da ya yago daga littafin awo. Da Hausa ya rubuta, yana yi yana karanta mini, ni ina wanke-wanke. Ya fara da sallama da gaisuwa, ya yi wa manaja addu'a, ya yi wa kamfani addu'a. Ya faɗi shekarun da ya yi yana ɗinkin yunifom da makarantun da ya yi wa aiki. Ya ce zai sa kaki mai kauri wanda ba ya zuba, zai yi ɗinki biyu a kafaɗa da hammata da tsakiyar wando, inda kayan mai ɗaukar kaya ke fara yagewa. Ya ce zai zo da tef ɗinsa har kamfani ya auna kowane ma'aikaci, kowa ya samu daidai jikinsa, ba irin na kasuwa ba da ake zuba mutum ciki kamar buhu. Nan ya tsaya ya yi dariya, ya ce wannan wurin zai burge manaja. Daga ƙarshe ya rubuta: batun kuɗi kuwa, idan Allah Ya haɗa fuskokinmu ba za mu ɓata ba.

Na ji daɗin wasiƙar. Har na ce ya sake karanta mini wurin kafaɗa da hammata.

Ya kai shagon kwamfuta aka juya ta zuwa Turanci aka buga. Da ya dawo yake ba ni labari, wai mai kwamfutar ya ce masa, "Malam, ba ka sa farashi ba." Shi kuma ya ce masa, "Kai dai buga abin da na ba ka. Ka taɓa ganin an yanke ma riga kuɗi ba a ga mai ita ba?" Ya ce mini ciniki baki da baki ake yi. Ka faɗa, a ce ka rage, ka ce albarka, a ƙara, ku haɗu a tsakiya kowa ya tashi da mutuncinsa. In ka rubuta kuɗi a takarda, in ya yi yawa an tsorata ba a kira ka ba, in ya yi kaɗan ka ɗaure kanka. Ga yadi kuma kullum da sabon kuɗinsa. Ni duk na ga gaskiyarsa. Haka na ga ana yi tun ina yarinya, ko akuya za a saya.

Ya sayo yadi ya ɗinka samfur, riga da wando, ruwan toka. Wuni biyu ya yi a kansu, abin da yake gamawa kafin azahar. Ni na sa maɓallan, kowanne na zagaye shi da zare har sai da yatsana ya yi ja. Na goge, na sa a sabuwar leda. Ya sa kaftaninsa na Juma'a ya hau mashin ɗin haya ya kai. Bai ga manaja ba. A bakin ƙofa aka kai shi wani ofis, wata mata ta karɓi ambulan da ledar, ta ce za a neme shi.

Sai jira. Wayarsa ba ta rabuwa da caji. In ba wuta ya kai wurin mai caji ya zauna a gefenta, kada a kira ba ya kusa. Ya koma kamfanin, aka ce manaja ya yi tafiya. Ya sake komawa, aka ce yana mitin. Gero ya fara shigowa kasuwa, ana ta cewa kaka ta yi kyau, ni kuwa duk buhun sabon gero da na gani a kan mashin sai in tuna maganarsa ta rufe shago ya tafi. Abokin nan na Aljeriya bai fasa kira ba.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, a Ƙofar Sauri. Kitso take yi, gida-gida, kuma babu gidan da ba ta san abin da ake dafawa ba. Na je gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Ke, mi ya same ki kika koma kamar tsinken tsire? Ko telan naki ya fara auna maki tuwo da tef?" Ban yi niyyar faɗa ba, amma sai ga hawaye. Na gaya mata komai. Ta tambayi sunan kamfanin, na faɗa. Ta tafa hannu ta ce, "Ashsha! Ai kan matar manajan nan a hannuna yake. Ni ke mata kitso a gidanta can unguwar Kambarawa. Asabar ki shirya, ki goyo ɗiyar nan, ki sa mayafin kirki ba wannan mai kama da matacin koko ba."

Na ce ban gaya wa maigida ba. Ta ce, "Ce mashi za ki raka ni unguwa. Ƙarya kika yi? Ba unguwar za mu ba?"

Haka na ce masa, ya ce a dawo lafiya.

Gidan yana da get da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Hajiya ta karɓe mu da fara'a, mace mai jiki, mai son dariya. Aka yi gaisuwa, ina gida, ina yara, ina gajiya, ya ruwa, ya maigidan. Ta zauna a kan kafet, Gwaggo ta hau kujera ta kama kai. Ni ina gefe da yarinya a cinya, ina hana ta jan labulen mutane. Sai da aka yi rabin kai, ana ta hirar bikin wata, sannan Gwaggo ta ce, "Hajiya, wannan ɗiyar wana ce. Mijinta ne telan da ya kai ma Alhaji takarda. Ga ta nan ta hana kanta barci ta hana ni."

Hajiya ta ce ita ba ta shiga harkar ofis, amma bari Alhaji ya fito, yana ciki. Ta ce, "Gwaggo, ja a hankali mana, kan nawa ne za ki tuge saboda surukinki?" Suka yi dariya.

Da ya fito, sai na ga ba tsoho ba ne yadda na zata. Jallabiya ce a jikinsa, da tabarau, da makullin mota a hannu. Muka durƙusa muka gaishe shi. Hajiya ta gaya masa. Ya ce, "Mai ruwan toka? Daga Ƙofar Marusa?" Na ce e, ranka ya daɗe. Ya zauna a hannun kujera.

Ya ce ya ga wasiƙar, ya ga samfurin. Ya ce da hannunsa ya ja ɗinkin hammatar, bai motsa ba, duk cikin waɗanda aka kawo babu mai kyansa. Sai ya ce, "Amma Malama, mijinki bai gaya mani nawa ba ne."

Gwaggo ta ce, "Ai Alhaji shi ya sa ya ce ku zauna."

Ya ce, "Gwaggo, ba ni kaɗai ke yankewa ba. Takardun nan haɗa su nake in kai ma akanta da mai kamfani. Jera su suke a tebur: wannan nawa ne riga da wando, yaushe zai kawo, wancan nawa ne. Tashi in sun ɗauka mi za su gani? Addu'a. Mun gode da addu'a, amma ba ta shiga lissafi." Ya faɗa yana murmushi, ba da wulaƙanci ba. Da ma da wulaƙanci ya faɗa, da na samu wanda zan ji haushi.

Ya ce batun auna kowa kuma, maigidana ya bar shi. Masu ɗaukar buhu yau suna nan gobe sun koma ƙauye, kayan na kamfani ne, wanda ya tafi ya ajiye wani ya sa. Ƙarami, matsakaici, babba, shi ke nan. Ya ce in maigidana yana so ya sake rubutowa kafin tsakiyar mako, ya sa kuɗin kowane saiti, ya sa ranar da zai kawo, ya kuma rubuta cewa kuɗin ba zai canza ba har a gama.

Na tattara ƙarfina na ce, "Ranka ya daɗe, kafin alƙalami fa? Na yadi."

Ya girgiza kai. Ya ce kamfani ba ya ba sabon mutum ko sisi kafin aiki. A kawo kaya, mai sito ya ƙirga ya sa hannu, sannan takarda ta bi layi, a biya ta banki bayan wasu makonni. Ya ce an sha ba mutane kuɗin yadi su ɓace, shi ya sa aka hana. Ya miƙe, ya ciro kuɗi ya sa wa yarinyar a hannu, ya ce a sayo mata biskit, ya fita. Na ji ƙarar get.

Gwaggo ta ci gaba da kitso. Can ta ce, "To ai an samu hanya." Ni na san yadda aikinmu yake. Tun da nake gidan maigidana ban taɓa ganin ya ɗinka abu da kuɗinsa ba. Ko mai kaya ya kawo yadi, ko ya ba da rabi a sayo. Samfurin nan kaɗai sai da muka yi kwanaki muna cin tuwo ba nama a miya.

Faɗa masa ya fi komai wuya. Na bari ya ci abinci ya sha ruwa, yana zaune a ƙofar ɗaki bayan la'asar. Na durƙusa na ce, "Malam, ina da magana, ka yi haƙuri." Na faɗa tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Gidan mutumin kika je." Na ce Gwaggo ce ta kai ni. Ya ce, "Da goyo." Ya ce, "Na rubuta takarda a matsayin mai sana'a, kin je kin mai da ni mai bara." Bai ɗaga murya ba. Ya sa takalmi ya tafi masallaci tun ba a kira magariba ba.

Amma da safe ya ce in sake faɗa masa abin da manajan ya ce game da hammatar. Na faɗa. Ya ce, "Da hannunsa ya ja?" Na ce da hannunsa. Ya ɗauki hula ya nufi babbar kasuwa, wurin wani Alhaji da yake sayen yadi a hannunsa tun yana yaron shago.

Da azahar ya dawo, ya zauna bai cire hula ba. Ya ce Alhajin ya karɓe shi da kyau, har ya sa an kawo masa fura. Amma ya ce masa kuɗin yau na yau ne. Shi ma daga Kano yake saro kakin, in ya koma bai san abin da zai tarar ba, ba zai iya yi masa alkawarin kuɗin wata mai zuwa ba. Bashi kuma, bandir ɗaya ko biyu zai iya ɗaga masa saboda sanayya, amma yadin mutanen kamfani guda, a jira sai an biya, wannan ko ɗan cikinsa ba zai ba shi ba. Maigidana ya ce ya zagaya wurin mutum biyu bayan shi, maganar ɗaya ce, sai dai su ba fura.

Na ce a sayar da gadona da kwanukan jerena. Ya dube ni, ya dubi gadon, ya ɗan yi dariyar da ba ta kai zuci ba. Ya ce, "Gadonki zai tufatar da masu gadi. Sauran fa, su yi aiki da zani?"

Duk da haka ya zauna ya yi lissafi. Yadi nawa riga da wando ke ci, zare, maɓalli, zif, tambarin kamfani da za a kai a buga a baya, ladan telolin da za su taya shi. Ya rubuta kuɗi a kan farashin yadin ranar, ya dube shi, ya ce in kaki ya tashi ko kaɗan, aikin banza zai yi har ya ciko daga aljihunsa. Ya soke. Ya rubuta wani ya ƙara abin da zai kare shi in yadi ya tashi, da ribar wanda zai ranta masa kuɗi, in ya samu mai rantawa. Ya dube shi ya ce, "Wannan ko ni ne manaja ba zan saya ba." Ya daɗe da biro a hannu. Yarinyar ta rarrafo ta kama takardar, ya ɗauke ta ya ajiye gefe ba tare da ya kalle ta ba. Daga ƙarshe na biyun ya bari. Ya ce gara a ƙi shi da a kai shi gaban alƙali.

Wasiƙa ta biyu gajera ce. Babu kafaɗa, babu hammata. Gaisuwa layi ɗaya, sai ƙarami, matsakaici, babba, sai kuɗi, sai rana. A ƙasa ya roƙi a taimaka masa da rabi kafin aiki, ko da yake an riga an gaya mana amsar. Bai karanta mini ita ba, ni na gani a kan tabarma kafin ya kai a buga. Wannan karon bai sa kaftanin Juma'a ba.

Ba a kira ba. Ni ma ban sake zuwa Kambarawa ba. Gwaggo ta ce ta taɓa wa Hajiya maganar, Hajiya ta ce Alhaji ya ce abin ya fi ƙarfinsa, wani ɗan kwangila daga Kano ya kawo kuɗin da ko yadin maigidana bai kai ba. Irin masu ɗinka ɗaruruwa a rana da injin wuta, masu sayen yadi mota guda. Gwaggo ta ce, "Ki ce mashi ya yi haƙuri, wani aikin na nan tahe." Ta faɗa tana kallon wani wuri.

Ban gaya masa ba. Ba sai na gaya masa ba ma. Wata safiya na kai masa koko shago, na tarar da dattijon nan mai gadi a benci, sanye da sabon yunifom shuɗi, ƙafar wandon ta rufe masa takalmi, ya naɗe hannun rigar har sau biyu. Ya ce, "Tela, ka ga abin da aka zuba mu ciki. Rage mani tsawon nan kafin in faɗi a gaban manaja." Maigidana ya durƙusa ya sa alli a ƙafar wandon. Na ga ya juya bakin ɗinkin yana dubawa, ɗinki ɗaya ne, zaren ma siriri. Ya ci gaba da sa allinsa.

Dattijon ya koma ya ba da labari, sai ga ma'aikatan kamfanin suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan a rage masa ƙugu, wannan a ɗage masa hannu, wannan hammata ta riga ta buɗe tun makon farko. Kowa ya ba da ɗan abin da ba zai sayi mudun gari ba, wani ya ce sai ƙarshen wata. Wajen mako biyu shagon yana cike da shuɗin kaya. Maƙwabcinsa tela ya leƙo ya ce, "A'a, ashe dai kwangilar ta faɗo!" Maigidana ya ce, "Ta faɗo, ta ƙafa." Suka yi dariya su biyu. Da yamma in ya dawo akwai alli a yatsunsa, amma ba na jin daɗin ganinsa.

Da shuɗin kayan suka ƙare, sai ya kira abokin nasa da kansa. A cikin ɗaki ya yi wayar, a gabana, bai fita waje ba.

Na roƙe shi. Na ce ya gwada gidajen mai, ya gwada asibitocin kuɗi, yanzu ai ya san yadda ake rubutawa. Ya ce rubutun ba shi ne ba. Ya ce ko ya iya wasiƙa kamar lauya, duk inda ya kai za a ce ya kawo kaya tukuna, shi kuma ba shi da abin sayen yadi. Ya ce shekara ɗaya kawai zai yi, ya tara jari, ya dawo ya sayi injin wuta, sannan a ga wanda zai fi shi farashi. Na ce hanyar fa. Ya ce mutane na bi kullum. Na ce wasu ba sa isa. Ya ce, "Ke dai ki yi addu'a." Na je wurin yayansa, yayan ya ce namiji ba ya zama yana kallon iyalinsa da yunwa, in bar shi ya nema.

Ya sayar da keke ɗaya da teburin yanka ya yi kuɗin mota. Ɗayan keken ya kwance kan daga ƙafar, ya naɗe shi da tsohon bargo ya sa a buhu. Ya mai da wa mai shago makulli. Ya kai ni gidanmu da kayana, ya durƙusa gaban mahaifiyata ya ba ta amanata, ita kuma ta kau da kai tana sa masa albarka. Da safe ya tafi. Ban raka shi tasha ba, ya ce kada in zo. Daga zaure na tsaya na ga ya ɗora buhun a kan mashin, ya hau baya ya riƙe shi da hannu biyu. Yarinyar tana bayana tana barci, bai so a tashe ta ba.

Ya kira daga Maraɗi. Ya kira daga Agadas, ya ce zafi kawai, suna jiran mota ta cika. Bayan nan aka yi shiru mai tsawo, wanda ba na son tunawa. Ranar da ya kira daga can, muryarsa ta dishe har ban gane shi ba, na zauna a ƙasa a tsakar gida, sai mahaifiyata ce ta karɓi wayar.

Yanzu yakan kira in ya samu dama. Yana cewa aiki akwai, amma ba kamar yadda aka faɗa ba, kuma ba ya fita sosai saboda ana kama marasa takarda a zuba su a mota a kai bakin iyaka. Yakan turo abin da ya samu ta hannun masu zuwa. Shekarar da ya ce ta cika ta wuce. In na tambaye shi yaushe, sai ya ce jarin bai taru ba. Na daina tambaya, don in na tambaya wayar ba ta daɗewa.

Ɗiyata tana tafiya yanzu, tana magana, har ta iya tsiwa. Mahaifiyata ta ce baɗi a sa ta makarantar da ke bayan gidanmu. Na je na tambaya, suka ce yunifom a wurinsu ake saya.